Wasiƙar da Za Ka Buɗe Baɗi

Duk wanda ya taɓa fasa asusu ya san cewa asusu lissafi ɗaya kawai ya iya bayarwa: ga abin da ke ciki. Ba ya faɗin nawa aka yi niyyar tarawa, ba ya faɗin watan da aka tsallake zubi, ba ya tuna maka nawa ake sayar da abin da kake hari a ranar da ka jefa kuɗin farko. Mai asusu ne zai cike waɗannan da ƙwaƙwalwarsa, ita kuwa ƙwaƙwalwa takan gyara labari yadda ya dace da halin da mutum ke ciki. In kuɗin sun yi auki, sai ya ce ai dama haka ya tsara. In sun gaza, sai ya zargi kansa da rashin tattali, ko ya ɗora wa gwamnati laifin gaba ɗaya, alhali bai san rabon kowa a cikin giɓin ba.

A nan ne wata dabara mai sauƙi take da amfani. Ranar da za ka fara ajiyar wata-wata, ka zauna ka rubuta wa kanka wasiƙa, ka sa ta a ambulan ka liƙe, ka rubuta a bayanta ranar da za a buɗe, wato bayan wata goma sha biyu cif. Mutane da yawa in sun ji wannan sai su ɗauka wasiƙar ƙarfafa gwiwa ce, irin wadda ake cikawa da fatan alheri da kirarin kai. Ni ina ganin irin wannan ɓarnar takarda ce. Wasiƙar da za ta yi maka aiki ita ce wadda ta zama shaida: mai ɗauke da adadi, da farashi, da sharaɗi, da kwanan wata, ta yadda wanda zai buɗe ta baɗi ba zai iya yi mata gardama ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ƙaddara wata malamar firamare ce a Kano, tana son sayen keken ɗinki domin ta riƙa karɓar ɗinkin unguwa bayan an tashi daga makaranta. A ƙarshen Disamban 2023 ta shiga kasuwa ta tambaya, a ce an yi mata kuɗin keken da teburinsa naira 120,000. Lissafin ya zo mata daidai wa daida: naira 10,000 duk wata, wata goma sha biyu. Malamar da farashin kekenta misali ne na ƙaga domin bayani, amma shekarar da abin da ya faru da naira a cikinta na gaske ne. Ga irin wasiƙar da ya kamata ta rubuta:

"Assalamu alaikum. Zuwa gare ni, in Allah ya kai mu 31 ga Disamba, 2024. Yau 31 ga Disamba, 2023. Na ƙudura zan riƙa ajiye naira 10,000 duk wata, a ranar da albashi ya shigo, kafin in yi cefane. Keken ɗinki nake son saye, mai ƙafa, sabo, da teburinsa. Yau na tambaya a shago uku, mafi sauƙi naira 120,000, na rubuta sunan keken da lambarsa a ƙasa. Na kuma rubuta albashina, da kuɗin kwanon shinkafa, da na litar fetur a yau. Kuɗin za su zauna a asusun banki na daban wanda ban karɓi katinsa ba. Ba zan taɓa su ba sai don asibiti, nawa ko na yara ko na Inna, kuma abin da na cira bashi ne a kaina, zan mayar cikin wata uku. Biki da anko da gudunmawa ba sa cikin sharaɗin. Watannin da nake tsoro su ne na azumi da ƙaramar Sallah, da Satumba saboda kuɗin makarantar yara. Yaya ta san da wannan ajiya. In kin buɗe kin tarar ba su cika ba, kada ki yanke hukunci sai kin yi lissafi."

Ba ta kai shafi ɗaya ba, kuma babu jimlar da ke zaman banza a cikinta. Mafi nauyi a ciki ita ce ta farashi, don haka a kanta zan daɗe.

Mai ajiya yana ƙirga naira, amma ba naira yake so ba, keke yake so, ko ragon layya, ko kwanon rufi, ko kuɗin haya. A ƙasar da farashi ke tafiyar hawainiya, bambancin bai taka kara ya karya ba. A Najeriya ta 2024 kuwa, bambancin shi ne labarin gaba ɗaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi a Disamban 2024 ta kai kashi 34.8 cikin ɗari idan aka kwatanta da Disamban 2023. Ma'anarsa, a matsakaici, abin da naira 100 ta saya a ranar da malama ta liƙe ambulan, sai da kusan naira 135 za a saye shi a ranar da ta buɗe. Kayan abinci ma sun fi haka tashi, sun doshi kashi 40. Dala, wadda a kasuwar hukuma take wajen naira 900 a ƙarshen 2023, ta haura naira 1,500 a ƙarshen 2024, kuma keken ɗinki kaya ne da ake shigowa da shi daga waje, don haka dala yake bi. Duk wannan ya biyo bayan cire tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa.

To, a ce ranar ta zo. Malama ta buɗe wasiƙa, ta duba asusu, ta tarar da naira 95,000. Ta koma kasuwa, an ce mata keken yanzu naira 160,000. Giɓi ya zama naira 65,000. Wanda ba shi da wasiƙa a nan zai tsaya, gwiwa a sanyaye, ya ce shi dai ajiya ba ta karɓe shi ba. Ita kuwa tana da abin da za ta rarraba giɓin da shi. Ta yi niyyar tara 120,000, ta tara 95,000, saboda haka naira 25,000 ne kawai suka fito daga ɓangarenta. Sauran 40,000, wato tazarar da ke tsakanin 120,000 da 160,000, kasuwa ce ta ƙara su, ko da ba ta tsallake wata ko ɗaya ba sai ta tarar da su suna jiranta.

Su ma 25,000 ɗin ba iri ɗaya ba ne. Takardar zubinta ta nuna ba ta zuba ba a Afrilu, watan da ƙaramar Sallah ta faɗo a shekarar, ba ta kuma zuba ba a Satumba. Wannan 20,000 ke nan, kuma watannin da ta faɗa da bakinta cewa tana tsoro ne. A Yuli ta cire 15,000 da zazzaɓi ya kwantar da ɗanta, ta mayar da 10,000, saura 5,000. Cirar tana cikin sharaɗi, rashin cika mayarwar ne ba ya ciki. Ka ga yanzu tana da amsa uku a maimakon baƙin ciki guda: akwai abin da kasuwa ta ci, akwai abin da lalura ta ci, akwai kuma wata biyu da ta hango tun daga nesa amma ba ta yi musu tanadi ba. Kowanne da maganinsa daban, kuma ba a gane wannan sai da takardar da aka rubuta tun abin bai faru ba.

Dalilin rubuta albashi da kuɗin shinkafa da fetur shi ne a auna nauyin zubin kansa. Idan albashi bai motsa ba, abinci kuwa ya tashi da kusan kashi 40, to naira 10,000 da ta cire a Nuwamba ta fi wadda ta cire a Janairu ciwo nesa ba kusa ba, ko da yake a takarda adadinsu ɗaya. Wadda ta zuba sau goma a irin wannan shekara ta yi ƙoƙari na gaske, kuma ya kamata ta san haka da hujja.

Akwai wanda zai ce, to me ya sa za a liƙe? Me zai hana a manna takardar a bango a riƙa gani kullum? Amsar ita ce takarda biyu ake bukata, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko a buɗe take: layi goma sha biyu, kowane wata da ranar zubi da adadi, da gurbin rubuta abin da aka cira da dalilinsa, a samanta kuma an kwafi sharaɗin taɓa kuɗin. Wannan ita ce ta bango ko ta cikin jaka. Ta biyu, wasiƙar, dole ta kasance a rufe, domin abin da hannu ke iya kaiwa gare shi, hannu yana iya gyara shi. A watan bakwai, da kuɗi suka fara kauri kuma bikin ƙawa ya matso, zuciya za ta fara kawo shawara: ai dama keke na hannu ma ya isa, ai dama ba a ce lallai Disamba ba. In wasiƙar tana buɗe, sai a soke layi a sake wani, shaida ta zama abokiyar shawara. In tana liƙe, mutum yana iya saɓa mata, amma ba ya iya sa ta ta ce ba ta faɗa ba.

Wannan ɗabi'a ta ɗaure hannun kai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Asusun ƙasa da maginin tukwane ke yi, mai ƙaramar kafa wadda kuɗi ke shiga ba sa fita sai an fasa, aikinsa ke nan. Masana tattalin arziki ma sun gwada ta. A tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin, Nava Ashraf da Dean Karlan da Wesley Yin sun haɗa kai da wani bankin karkara suka tallata wani asusu da suka kira SEED. Mai asusun ne da kansa zai zaɓi rana ko adadi, kuma banki ba zai ba shi kuɗinsa ba sai ranar ta zo ko adadin ya cika, ba tare da wata ƙarin riba ba. Kashi 28 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tayin sun karɓa. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya nuna bayan wata goma sha biyu, ajiyar rukunin da aka yi wa tayin ta fi ta waɗanda ba a yi wa ba da kimanin kashi 81 cikin ɗari. Sai dai a lura da bambanci: a can banki ne ya riƙe mabuɗi. Wasiƙa ba ta kulle ko kwabo. Shi ya sa malama ta ambaci asusun da ba shi da kati da kuma yayarta. Kullewa aikinsu ne, ita wasiƙa riƙe gaskiyar magana ne nata.

Inda kuɗin za su kwana shi ma ya cancanci layi a wasiƙar, tare da abin da zai sa a tashe su daga can. Waɗanda suka rufe asusun gida a 2022 sun ga darasi, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa ƙarshen Janairun 2023 a matsayin wa'adin tsofaffin. Daga baya an ɗage wa'adin, kotu ma ta shiga maganar, amma a lokacin dole mutane suka fasa asusu suka bi layin banki. Banda wannan ga gara, ga danshin damina, ga hannun na gida. Banki ya fi tsaro, kuma wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Tun 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC take lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci har naira miliyan 5 idan bankin ya durƙushe, kamar yadda aka gani da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin shekarar. Abin da ba shi da lamuni ko kaɗan shi ne masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ta tafi da na mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Jimla ɗaya a wasiƙa, cewa waɗannan kuɗi ba za su shiga hannun mai alkawarin riba ba komai daɗin bakinsa, ta cancanci tawadarta, domin irin wannan tayi yakan zo ne daidai lokacin da mutum ya fara jin ajiyarsa tana tafiyar kunkuru.

Idan ta hanyar adashi ake tarawa, akwai abu ɗaya da dole a rubuta: lambar kwasa. A adashin mutum goma sha biyu masu zubin 10,000, kowa 120,000 zai ɗauka, amma a shekara irin 2024 ba abu ɗaya suka ɗauka ba. Wadda ta kwasa a Janairu ta sayi keke a farashin Janairu, ta ci gaba da biya da nairar da ke ta raguwa. Wadda ta kwasa a Disamba ta riƙe 120,000 a gaban keken 160,000. Da malama ta samu kwasar farko ko ta biyu a wurin uwar adashi, da tuni keken yana ɗaki yana biyan zubinsa da kansa. Wannan ba dalilin ƙin adashi ba ne, domin kunyar idon abokan zubi tana sa mutum ya cika alkawarin da shi kaɗai ba zai cika ba. Dalili ne na sanin cewa mai kwasar ƙarshe yana ba sauran rance ne, kuma ya dace a zagaye na gaba a juya jerin. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke tarawa da sefa ba su cika jin wannan zafi kamar na masu naira ba, saboda sefa a ɗaure take da yuro, amma ko su in hatsi suke hari, farashin kaka da na tsakiyar damina ba ɗaya ba ne, don haka rubuta farashin ranar farko bai faɗi a kansu ba.

Ita wasiƙar kanta, kada a ajiye ta wuri ɗaya da kuɗin ko da takardun banki, don kada neman ɗaya ya kai hannu ga ɗayar. Ƙasan akwati ya isa, ko hannun wanda aka amince da shi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya faɗa wani ya rubuta masa ya karanta masa ya ji. Ana iya naɗar murya a waya, amma waya tana ɓata, tana lalacewa, kuma sauraron abin da ke cikinta ba ya bukatar yage komai. Mai amfani da Gmail yana iya aika wa kansa saƙo ta hanyar Schedule send ya sa ranar baɗi, sai dai saƙon yana nan zaune inda zai iya buɗewa ko ya soke. Ni takarda da ambulan na fi yarda da su. Ko ta wace hanya aka bi, kada lambar sirri ta kati ko ta manhajar banki ta shiga ciki.

Akwai maganar da ba a son yi amma dole ne. Mun ce in Allah ya kai mu, kuma ba kowa ake kaiwa ba. Kuɗi da yawa sun maƙale a bankuna da hannun iyayen adashi saboda mai su ya rasu babu wanda ya san da zamansu, alhali haƙƙin magada ne. Shi ya sa sunan bankin, ko na wadda ke riƙe da adashin, da duk bashin da ke kan kuɗin, ya kamata su fito ɓaro-ɓaro a wasiƙar, kuma mutum ɗaya aƙalla ya san inda ambulan yake. Wannan bai mayar da ita wasiyya ba, wasiyya tana da nata ƙa'idoji da shaidu. Game da zakka kuwa, cikar shekara a kan ajiya ba ita kaɗai ke wajabta ta ba, sai dukiyar ta kai nisabi, wanda ake aunawa da kimanin giram 85 na zinariya, sannan shekarar Musulunci ta zagayo a kanta. Ajiya irin ta malama ba ta kusa da wannan ba, amma mai tara kuɗin gida ko na aikin Hajji ya rubuta ranar da ajiyarsa ta kai nisabi, ya kuma tuntuɓi malami.

Wasiƙa tana da iyakarta. Ba ta ƙara wa mutum samu. Idan bayan abinci da haya da magani babu abin da ke saura, zubin da aka rubuta zai karye tun wata na uku, ambulan kuma ya zama abin da ake kauce wa gani. Alamar an ɗora wa kai abin da ya fi ƙarfi ita ce a riƙa cin bashi a ƙarshen wata domin a cike gurbin abin da aka ajiye a farkonsa. Wanda ya ga haka sau biyu a jere ya rage zubin, ya rubuta sabon adadin da dalilinsa a takardar bango, ya bar wasiƙar a liƙe yadda take. Ranar buɗewa zai so ya ga tazarar da ke tsakanin abin da ya zata zai iya da abin da ya iya.

Ranar da malama ta gama lissafinta, abin da ya rage shi ne ta rubuta ta biyu, kuma wannan karon ba da ka za ta yi ba. Ta san cewa da ta so cimma keken 160,000 a wata goma sha biyu, zubin da ake bukata ya kusa 13,500, ba 10,000 ba. Ta san watan Sallah da Satumba ba sa ɗaukar zubi a gidanta, saboda haka gara ta raba adadin shekara a kan wata goma, ta bar biyun a sarari da saninta. Ta kuma san cewa jiran kuɗi su cika a gaban kayan da ke bin dala tsere ne da ba lallai ta ci ba. Tana iya ɗaukar 95,000 ɗin ta nemi keke na hannu mai lafiya, ta tafi da wanda ya san keke ya duba mata. Tana iya sayen kan keken shi kaɗai in kuɗin sun kai, teburi ya biyo baya. Ko ta ba mai shagon da ta sani kafin alƙalami a tsayar da farashi, da rasit mai ɗauke da ranar cikawa da sa hannun shaida. A sabuwar wasiƙar za ta ƙara layin da babu shi a ta farko: duk wata uku za ta koma kasuwa ta tambayi farashi, ta rubuta a takardar bango, in ya tashi da fiye da kashi goma cikin ɗari, ta ƙara zubi ko ta sayi abin da kuɗin hannunta za su iya saye a lokacin.